Murar da ke kwantar da jika kwana uku, ta kai kaka asibiti

A gida ɗaya ake kamuwa, amma ba iri ɗaya ake tashi ba. Yaro ya dawo daga makaranta da zazzaɓi da tari, ya kwanta kwana uku, ya miƙe ya koma ƙwallo. Kakansa mai shekara saba'in, wanda ya daɗe yana fama da ciwon suga da na zuciya, ya ɗauka a wurinsa, sai ga shi mako guda baya ana neman motar kai shi asibiti. Mutanen gida kuma suna mamaki: "Ai mura ce kawai."

Matsalar tana farawa daga sunan. Bahaushe yana kiran yoyon hanci da atishawa mura, yana kuma kiran infuluwenza mura, alhali ƙwayoyin cutar daban ne. Infuluwenza takan faɗo farat ɗaya, kamar kwana biyu bayan an ɗauka, da zazzaɓi mai zafi, ciwon jiki da busasshen tari, kuma tana iya gangarawa har huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 kowace shekara ta hanyar cututtukan numfashi. A Amurka, inda ake bin ƙididdiga sosai, kashi 70 zuwa 85 cikin ɗari na masu mutuwar 'yan shekara 65 ne zuwa sama.

A koma kan dattijon nan. Garkuwar jikinsa ta yi sanyi saboda shekaru, tarinsa kuma ba shi da ƙarfin fitar da majina. Cutar tana ɗaye fatar cikin hanyoyin iska tare da 'yan gasun da ke share datti, sai wasu ƙwayoyin cuta su samu ƙofa a buɗe, su haddasa nimoniya. Alamarta sananniya ce ga likitoci: mutum ya fara samun sauƙi, sannan zazzaɓi ya dawo da haki da majina mai kauri. Abin da ya fi ruɗar iyali shi ne tsoho yana iya jigata ba tare da jikinsa ya yi zafi ba. Sai dai a ga ya daina cin abinci, yana yawan barci, yana rikita sunayen jikoki, ko ya faɗi a banɗaki.

Zuciyarsa ce ke ɗaukar nauyi mafi girma. Zazzaɓi yana sa ta ƙara gudu a daidai lokacin da huhu ke ba ta iska kaɗan. Kumburin da cutar ke tayarwa a jiki kuma yana iya fasa kitsen da ya daɗe maƙale a bangon jijiya, jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe. Wani bincike da aka yi a lardin Ontariyo na Kanada, aka buga a 2018, ya gano cewa haɗarin bugun zuciya yana ninkuwa kusan sau shida a makon farko bayan an tabbatar da infuluwenza.

Suga kuwa ta kowane ɓangare tana iya kuɓucewa. Jikin da ke yaƙi da cuta yana sakin sinadaran da ke ɗaga ta, ko da mutum bai ci komai ba. A nan ake tafka kuskure mai tsada: a ce tunda bai ci tuwo ba, bari a dakatar da allurar insulin. Sai suga ta hau, fitsari ya yawaita, jiki ya bushe. Wasu ƙwayoyin rage suga kuma, in aka sha su da ciki wayam, sai ta faɗi warwas. Shi ya sa ake so a riƙa auna ta duk bayan 'yan awoyi, a kuma tambayi likita kafin a taɓa magani.

Mai asma labarinsa gajere ne: hanyoyin iskarsa dama a kumbure suke, cutar ta ƙara matse su, ƙurar hunturu ta ɗora nata. In abin shaƙarsa ya daina kai shi awa huɗu, ko ya kasa ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi, lokacin asibiti ya yi.

Gudu zuwa kemis ma yana da nasa tarkon. Ibufurofen da dikulofenak suna tara ruwa a jikin mai raunin zuciya, suna tayar wa wasu asma, wasu magungunan buɗe hanci kuma suna ɗaga hawan jini. Maganin da ke taɓa ƙwayar cutar kanta, oseltamibir, ya fi aiki in an fara shi cikin awa 48 da bayyanar alamu, kuma irin wannan dattijo ne ya fi cancanta da shi. Allurar rigakafi kuwa duk shekara ake sabunta ta, domin ƙwayar tana sauya kama. Ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari, amma tana rage yiwuwar a kwantar da mutum a asibiti.