Me ya sa da'ira ke rabuwa biyar amma ta ƙi bakwai?

Da kamfas da rula marar awo, za a iya raba da'ira gida biyar daidai wa daida. Gida bakwai kuwa ba ya yiwuwa, komai gwanintar mai zane. Dalilin na cikin aljabra.

Masana na ɗaukar ɗigo biyar ɗin nan a matsayin amsoshin x⁵ − 1 = 0. Ɗaya daga ciki, wato 1, kowa ya san shi. Idan aka raba da x − 1, sai a rage x⁴ + x³ + x² + x + 1. Wannan shi ake kira folinomiyal na raba da'ira, na biyar a jerinsu. Tambayar ita ce: shin zai sake tsaguwa zuwa ƙananan folinomiyal masu cikakkun lambobi?

Kada ka yi saurin cewa a'a. Gwada da huɗu: x³ + x² + x + 1 ya tsage zuwa (x + 1)(x² + 1). Biyar ta bambanta saboda lamba ce firam, wadda babu mai raba ta sai 1 da ita kanta.

Ga dabarar. Sa y + 1 a madadin x, sai ka samu y⁴ + 5y³ + 10y² + 10y + 5. Ban da jagoran, 5 na raba kowace lamba a nan, amma 25 ba ta raba ta ƙarshen. A ƙaddara ya tsage biyu. Idan aka zubar da duk abin da 5 ke rabawa, y⁴ kaɗai ke saura, saboda haka dole 5 ta raba lambar ƙarshe ta kowane ɓari. Ninkinsu ke nan 25 za ta raba shi, alhali ninkin 5 ne. Magana ta rushe. Ana jingina wannan gwaji ga Eisenstein, wanda ya wallafa shi a 1850, kodayake Schönemann ya riga shi. Gauss kuwa tun 1801 ya tabbatar da rashin tsaguwar ta wata hanya mai tsawo. Hujjar na aiki ga kowace firam p.

To, me aka samu? Ɗauki amsa guda, ζ, ka haɗa ta da lambobin kashi, ka yi ta tarawa, debewa, ninkawa da rabawa. Abin da ya tattaru ana kiransa fili. Tunda folinomiyal ɗin bai tsage ba, kowace lamba a filin na rubutuwa ta hanya guda tak da 1, ζ, ζ² da ζ³. Darajar filin 4 ce ke nan, a dunƙule p − 1.

Kamfas da rula ba sa kaiwa sai ga daraja irin 2, 4, 8, 16. Bakwai na ba da 6, kuma 3 ɗin da ke cikin 6 ita ta toshe hanya. Goma sha bakwai na ba da 16, shi ya sa a 1796 Gauss ya gano cewa da'ira na rabuwa gida 17.