Katin Waya Da Almakashi: Gargaɗi Ga Malamai Da Akawuna

Masu karatu, musamman malaman makaranta da akawuna na ƙasar Kibiya da Rano, sun san cewa mutum ɗaya kan riƙe waya biyu a yanzu. Akwai babba mai shafawa, wadda a ke aikin takardu da saƙonni da ita, akwai kuma ƙarama mai tocila, wadda cajinta kan yi kwanaki, ita a ke komawa gare ta in wuta ta yi wuya. Amma sau da yawa layin da mutane suka san shi da shi ɗaya ne tak. Saboda haka katin nan da a ke kira sim kullum yana tafiya tsakanin wayoyin biyu, ga shi kuwa gurbin da aka yi masa a cikinsu ba ɗaya ba ne. Daga nan ne wasu kan ɗauki almakashi su rage shi, wasu kuma su sa shi cikin ɗan firam na roba da a ke kira adafta. Mun ga ya kyautu mu bayyana abin da ke cikin waɗannan dabaru biyu, domin layin da a ke wasa da shi, shi ne banki ke aiko da labarin albashi ta kansa.

Da fari sai mu san girman katin. Na farko, wanda ya fito a 1991, girmansa ɗaya da katin banki. A 1996 aka fito da wanda a ke kira mini, mai tsawon milimita 25 da faɗin milimita 15. Shi ne aka saba da shi a Nijeriya tun da wayar hannu ta soma aiki a 2001, kuma har yanzu yawancin ƙananan wayoyi masu maɓalli shi su ke ɗauka. Bayansa sai maikuro, mai milimita 15 da 12, wanda ya yaɗu daga 2010. Sa'an nan a 2012 aka kawo nano, mai milimita 12.3 da 8.8, wanda manyan wayoyin yanzu ke amfani da shi. Akwai wani bambanci kuma da ido ba ya gani. Kaurin mini da maikuro milimita 0.76 ne, amma na nano 0.67. Ratar da ke tsakani, watau 0.09, ta yi kusa da kaurin fallen takardar rubutu guda. Masu karatu su riƙe wannan, don za mu sake bukatarsa.

Abin da ya sa yanka kan yi aiki wani lokaci shi ne, robar da ke kewaye ba ta yin kome sai riƙo. Aikin duka yana ga farantin nan mai launin zinariya, wanda aka rarraba gida-gida. Ta wani gida wuta ke shiga, ta wani kuma waya da kati ke musayar bayani. A bayan farantin, wajen tsakiyarsa, an binne wata 'yar ƙwaya wadda ita ce ƙwaƙwalwar katin, an haɗa ta da gidajen da wayoyi masu sirantaka kamar gashi. In yanka bai wuce roba ba, katin na nan da ransa. In kuwa ya taɓa ƙwayar ko ya tsinka waya ɗaya, to, ya mutu, ba kuwa mai gyaran da zai tashe shi.

Bari mu ɗauki misali. A ce wani malamin firamare a Kibiya yana da tsohon katin mini, ya sayi babbar waya mai ɗaukar nano. Daga tsawo sai ya cire 12.7 cikin 25, watau fiye da rabi. Daga faɗi kuma sai ya cire 6.2 cikin 15. Ba kuwa raba wannan biyu zai yi ya yanke daidai a kowane gefe ba, domin farantin ba a tsakiyar katin ya ke ba. Ya fi kusa da kai ɗaya, yawancin robar kuwa tana wajen kusurwar nan da aka datse. Wanda ya raba daidai, ko da katinsa ya shiga gurbi, gidajen farantin ba za su faɗa kan alluran waya ba. Bayan haka sai ya sake datse sabuwar kusurwa a ɓangaren da tsohuwar ta ke, don ita ke nuna yadda katin zai kwanta.

Wannan duka mai sauƙi ne in an gwada shi da abin da ke biye. Farantin tsofaffin katuna babba ne, sau da yawa ya fi faɗin nano ɗin kansa, saboda haka babu yadda za a kai ga 8.8 sai an ci ƙarfe. Almakashi kuwa ba ya yanka sai ya matse, ya ɗan lanƙwasa abin da ya ke yanka. Wannan lanƙwasa na iya fasa ƙwayar ko ta ɗaga farantin daga jikin roba, alhali kuwa daga waje ba a ga kome ba. Har wa yau, bakin ƙarfen da aka yanka kan bar tsini, in kuwa tiren wayar na ƙarfe ne, tsinin na iya taɓa shi ya haɗa gida biyu da bai kamata su haɗu ba. Ƙarshe kuma ga kauri: katin da aka yanko daga mini yana nan da 0.76 ɗinsa, ya ɗara gurbin nano. Wasu wayoyi kan haƙura da wannan, a wasu kuwa tiren kan shiga da ƙyar ya ƙi fita. Masu gyara kan goge bayan katin da samfefa don ya sirance, amma bayan nan ne ƙwayar ke fake, in an zarce an kai gare ta.

Ga yadda za a gane inda laifin ya ke. In waya ta rubuta "No SIM" ko "Insert SIM", a kashe ta, a sa katin wani da aka tabbata yana aiki. In shi ya kama, laifin na katin da aka yanka ne. In shi ma bai kama ba, to, alluran wayar ne suka sami rauni. In kuwa sabis yana zuwa yana ɗaukewa duk sa'ad da aka motsa wayar, yawanci an rage katin fiye da kima, yana yawo cikin gurbinsa.

Yanzu sai mu juya ga adafta. Malamin nan namu, in an ce yankansa ya yi kyau, ranar da cajin babbar waya ya ƙare zai so ya mai da katin cikin ƙarama, sai ya sa shi cikin firam don ya koma girman mini. A cikin gurbin kowace waya akwai 'yan allurai, galibi shida, waɗanda aka lanƙwasa su zama kamar baka, kullum suna turowa sama don su danni farantin. Katin da ba a taɓa ba shimfiɗe ya ke sumul, yana wucewa ta kansu yana danne su, shiga da fita. Amma kati cikin firam abu biyu ne, tsakaninsu kuwa akwai tsaga. Nano na ainihi ya fi firam sirantaka da 0.09, saboda haka bakin firam na iya zama ɗan tudu. Wanda aka yanka da hannu kuwa bakinsa ba ya miƙewa, tsagar ta fi faɗi. Sa'ad da a ke jawowa, allura kan faɗa cikin tsagar, bakin firam ya ƙugiye ta. Mai waya ya ji abu ya tsaya, ya ƙara ƙarfi, allurar ta miƙe ko ta karye.

Mafi muni shi ne a tura firam babu kati a cikinsa, don gwaji ko don ajiya. A nan allurai duka kan tashi cikin ramin, su zama kamar sakata a bayan ƙofa. Haka kuma in katin ya zame daga firam ana cikin turawa, ya hau bakinsa, kauri ya ninka, duka biyun su cije. Wasu kan manna salatif a baya don riƙe katin, amma salatif ƙarin kauri ne, in zafi ya narkar da ƙaronsa kuma sai ya manne a cikin gurbi. Haɗarin ya fi yawa a wayoyin da a ke zura katin cikin rami, ya fi sauƙi a waɗanda a ke kwantar da shi a rufe da murfin ƙarfe, domin can ba a jan kome ta kan allurai.

In firam ya maƙale, dokar farko ita ce kada a ja. A kashe wayar, a cire batir in mai ciruwa ne. A ɗan mai da firam ɗin ciki kaɗan don ya saki allurar. Sa'an nan a yanko siririn fallen roba mai ƙarfi, a zura shi a hankali tsakanin firam da allurai don ya danne su, kana a jawo su biyun tare. Kada a sa allurar ɗinki ko reza. In bai fito da sauƙi ba, a kai wa mai gyara a Rano ko Kano. Fid da firam ƙaramin aiki ne, amma in allura ta karye sai an buɗe wayar an canza gurbin duka da wuta.

Shawararmu ita ce a bar yanka, a je ofishin kamfanin layi ko wurin wakilinsa a karɓi sabon kati da lamba ɗaya, abin da jama'a ke kira walkam bak. Sabbin katuna kan zo da girma uku a jiki ɗaya, an tsaga su tun daga masana'anta, sai a ɓalle wanda a ke so a adana sauran firam ɗin, don sun fi na kasuwa dacewa da katin. Akwai ƙarin dalili: yawancin katunan da aka saya tun kafin zuwan 4G ba su kama shi, kome kyan yankan. Amma kafin a tafi a lura da abu biyu. Na ɗaya, tun daga Disamba 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, saboda haka ba a ba da sabon kati sai ga wanda aka yi rajista da sunansa. Wanda ke riƙe da layin da wansa ko abokinsa ya yi wa rajista, in ya kashe katin da almakashi, sai ya nemo mutumin kafin layinsa ya dawo. Na biyu, lambar kan dawo, amma sunayen da aka ajiye a jikin tsohon kati ba su biyo ta. A kwashe su zuwa cikin waya, ko a rubuta su a littafi, tun katin yana aiki.

Wanda kuwa ya zama dole ya yi aiki da waya biyu, abin da ya fi masa shi ne ya bar babban layinsa zaune a waya ɗaya, ya sa wani layi dabam a ɗayar. Alluran nan an yi su ne don a sa kati jifa-jifa, ba safe da maraice ba.