Maƙala biyu, magani ɗaya: Yadda ake gane wadda za a gaskata

A watan Maris na 2020, lokacin da korona ta fara rufe kasuwanni da makarantu, kulorokwin ya yi tsada a shagunan magani na Najeriya. Maganin zazzaɓin cizon sauro ne da muka sani tun muna yara, mai ɗaci, mai sa wasu ƙaiƙayi, sai ga labari ya zo cewa shi ne maganin sabuwar annobar. Shugaban Amurka na wancan lokaci, Donald Trump, ya yabe shi a bainar jama'a, kuma cikin 'yan kwanaki hukumomin lafiya na Legas suka sanar cewa an fara kwantar da mutanen da suka sha shi fiye da ƙima.

Labarin yana da tushe. Wata maƙala ce ta fito a mujallar likitoci ta ce maganin yana aiki. Bayan wasu watanni wata ta fito a wata mujallar ta ce ba ya aiki. Dukansu suna nan a intanet, kuma mai yiwuwa wani ya taɓa turo maka ɗaya a waya. To idan ga su a gabanka, kowacce da sunayen farfesoshi da jadawalin lissafi, ta ina za ka ɓullo? Ba sai ka zama likita ba. Abin da ake bukata shi ne ka ajiye shafin ƙarshe tukuna, ka fara da tambayoyi uku: su wa aka gwada, yaya aka gwada su, kuma shin abin da marubutan suka faɗa a ƙarshe ya dace da abin da suka gani?

Maƙala ta farko daga birnin Marseille na Faransa ta fito, daga cibiyar Farfesa Didier Raoult, kuma an wallafa ta a International Journal of Antimicrobial Agents ranar 20 ga Maris 2020. Ta biyu ta binciken RECOVERY ce, wanda Jami'ar Oxford ta jagoranta a ƙarƙashin Peter Horby da Martin Landray, kuma ta fito a New England Journal of Medicine a ƙarshen shekarar. Dukansu sun gwada haidiroksi-kulorokwin, ɗan uwan kulorokwin ɗin da muka sani.

Su wa aka gwada?

Mai sayen hatsi ba ya zazzage buhu duka. Yakan soka hannu ya ɗebo ɗan kaɗan ya duba, kuma ya san idan daga saman buhu kawai ya ɗiba, mai kaya zai iya yaudararsa. Haka mai bincike yake. Ba zai iya gwada duk masu cutar ba, sai ya ɗauki wasu su wakilci sauran. Saboda haka yawansu da irinsu ne farkon abin dubawa.

Maƙalar Marseille ta ba da sakamakon mutum 36: ashirin sun sha maganin, sha shida ba su sha ba. Yawancinsu cutar ba ta yi musu tsanani ba, har shida daga ciki ba su da wata alamar ciwo. RECOVERY kuwa ta bi mutum 4,716 da ke kwance a asibitoci 176 na Birtaniya, inda 1,561 suka sha maganin, 3,155 kuma aka yi musu kulawar da aka saba kawai. A rukunin mutum ashirin, kowane mutum ɗaya kashi biyar ne cikin ɗari, don haka mutum biyu ko uku da suka warke da kansu sun isa su karkatar da lissafi. A rukunin dubbai, irin wannan dacen yakan narke.

Amma ƙarancin mutane ba shi ne babbar matsalar maƙalar Marseille ba. Wanda ya karanta a hankali zai ga cewa mutum 26 aka fara ba wa maganin, ba 20 ba. Ina sauran shida? Maƙalar da kanta ta faɗa: uku an kai su sashen kulawa ta musamman, ɗaya ya rasu, ɗaya ya bar asibiti, ɗaya kuma ya daina sha saboda tashin zuciya. Dukansu an cire su daga lissafi, alhali ba a cire kowa daga rukunin da ba su sha ba. Wannan daidai yake da malamin da ya hana ɗalibansa mafi rauni zama jarrabawa, sannan ya fito yana alfahari da yawan waɗanda suka ci.

Kana iya gyara lissafin da kanka. Marubutan sun ce 14 cikin 20 sun rabu da ƙwayar cutar a rana ta shida, wato kashi 70. Idan aka mayar da shidan nan aka ƙidaya su a matsayin waɗanda maganin bai yi wa aiki ba, sai ya koma 14 cikin 26, kusan kashi 54. Sannan ga abin da lissafin ya ɓoye gaba ɗaya: mutum huɗu cikin 26 da suka sha maganin ko dai sun tagayyara ko sun mutu. A RECOVERY, duk wanda aka saka a wani rukuni, a nan ake ƙidaya shi, ko ya gama shan maganin ko bai gama ba. Shi ya sa yake da kyau a kullum ka kwatanta adadin waɗanda aka fara da su da adadin da ya bayyana a jadawalin sakamako.

Yaya aka gwada su?

Manomin da ke son sanin ƙarfin sabon taki ba zai zuba shi a fadama ya bar tudu haka nan, sannan da kaka ya ce takin ne ya kawo bambanci ba. Dole gonakin biyu su zama iri ɗaya, takin kaɗai ya raba su.

A Marseille, waɗanda suka sha maganin duka suna cibiya ɗaya. Waɗanda aka kwatanta da su kuwa an haɗo su daga wasu asibitoci a Nice da Avignon da Briançon, tare da waɗanda suka ƙi shan maganin ko waɗanda bai dace a ba su ba. Ke nan rukunan biyu sun bambanta tun kafin a haɗiyi ƙwaya ta farko, kuma duk bambancin da aka gani daga baya ba a san na magani ne ko na asibiti ko na jikin mutanen ba. A RECOVERY kwamfuta ce ta raba majinyata ta hanyar ƙuri'a. Likita ba shi da zaɓi, majinyaci ma haka. Idan mutane suna da yawa, ƙuri'a takan watsa tsofaffi da masu ciwon suga da masu hawan jini daidai gwargwado a kowane ɓangare, har da abubuwan da babu wanda ya yi tunanin aunawa.

Abu na biyu a wannan sashe shi ne me aka auna. A nan ne za ka gane cewa maƙalun biyu, duk da suna magana a kan magani ɗaya, ba ma'auni ɗaya suka riƙe ba. Marseille ta duba ko har yanzu ana samun ƙwayar cutar a cikin hanci a rana ta shida. RECOVERY ta duba ko mutum ya mutu cikin kwana 28. Gwajin hanci yana iya nuna babu yau, gobe ya nuna akwai, kuma hanci yana iya washewa alhali huhu na ci gaba da lalacewa. Iyalin mara lafiya kuwa ba hanci suke tambaya ba, suna son su san ko zai koma gida.

Me suka ce a ƙarshe?

Sai yanzu ne ya kamata ka buɗe shafin ƙarshe. Marseille ta samu kashi 70 a masu shan magani, da kashi 12.5 a waɗanda ba su sha ba, wato 2 cikin 16. Ta kuma ce duk waɗanda aka haɗa wa da azitiromaisin sun rabu da ƙwayar cutar, ɗari bisa ɗari. Kalmar tana da daɗin ji, amma mutum shida ne kacal. A kan wannan marubutan suka ba da shawarar a riƙa ba masu korona magungunan biyu. Sun auna hancin mutum 36, suka yanke hukunci a kan jinyar duniya.

A RECOVERY, 421 daga masu shan maganin sun mutu, wato kashi 27, sai 790 daga ɗaya rukunin, kashi 25. Mai gaggawa zai ce ashe maganin kisa yake yi. Marubutan ba su faɗi haka ba, domin lissafinsu ya nuna tazarar kashi biyu tana cikin abin da dace kaɗai zai iya haifarwa. Abin da suka ce shi ne maganin bai rage mace-mace ba a tsakanin waɗanda ke kwance a asibiti. Sun kuma lura cewa waɗanda aka sallama da rai cikin kwana 28 sun ɗan fi ƙaranci a masu shan maganin, kashi 59.6, idan aka kwatanta da kashi 62.9.

Adalci ya sa a faɗi iyakar RECOVERY ita ma. Likitoci da majinyata sun san wanda ke shan maganin, ko da yake wannan ba ya canza ƙidayar mutuwa sosai. Mafi muhimmanci, mutanenta masu jin jiki ne, matsakaicin shekarunsu kusan 65, kuma yawanci sun yi kwanaki da ciwon kafin a fara ba su. Don haka ba ta amsa tambayar mai ƙaramin ciwo a gida ko mai son sha don rigakafi ba. Wasu gwaje-gwajen na ƙuri'a ne suka bi waɗannan, su ma ba su sami amfani ba. Bambancin shi ne RECOVERY ta tsaya inda ma'auninta ya tsaya.

Da za ka ja layi a tsakiyar takarda ka rubuta su gefe da gefe, ga abin da za ka gani. A hagu, mutum 36 bayan an cire shida, rabon da ba na ƙuri'a ba, gwajin hanci na kwana shida, da shawarar a ba kowa. A dama, mutum 4,716, rabon ƙuri'a, ƙidayar rai da mutuwa ta kwana 28, da hukuncin da bai wuce majinyatan asibiti ba. Wannan ba kunnen doki ba ne, ɗaya da ɗaya. Ana auna maƙaloli ne da nauyin hujjarsu.

Abu ɗaya ya rage. Fayil ɗin PDF da ke cikin waya ba ya sanin abin da ya faru bayan an sauke shi. A watan Disamba na 2024 mujallar ta janye maƙalar Marseille, bisa matsalolin hanyar binciken da na izinin gwaji a kan mutane, amma tsofaffin kwafinta suna nan suna yawo ba tare da wata alama ba. Kafin ka gaskata kowace maƙala, rubuta takenta a shafin mujallar, ka duba ko an buga mata kalmar Retracted a sama.