Gargaɗi ga masu gini a Dogon Daji: kada a zuba kankare sai an gwada shi

Jama'ar Dogon Daji da kewaye, daga Tambuwal har Kebbe, musamman kwamitocin masallatai da makarantu da masu ɗora bene: duk kankaren da aka kawo muku a mota, ko aka kwaɓa da inji a bakin aiki, kada ku bari ya shiga fila ko dakin kafin a gwada shi a gabanku. Zafin Afrilu a ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40, kwaɓi yana saurin yin tauri a hanya, sai ka ji wani ya ce, "A ƙara masa ruwa ya saki." Wannan bokitin ruwan shi ne ɓarawon ginin. Buhun siminti mai kilo 50 ruwan da yake so bai wuce kamar lita 25 ba, har da damshin da ke cikin yashi. Abin da ya ƙaru a kan haka zai bushe ya bar ƙananan ramuka a ciki, ƙarfi ya ragu, ido kuwa ba ya gani.

Gwajin farko shi ne wanda injiniyoyi ke kira silam, kuma minti biyar ya ishe shi. Mazubi ne na ƙarfe mai kama da mazurari a kife, tsayinsa milimita 300, gindi 200, baki 100. A jiƙa cikinsa, a kafa shi a kan faranti mai lebur, mutum ya taka kunnuwansa. A cika shi hawa uku, kowane hawa a soke shi sau 25 da rodi mai kaurin milimita 16. A share bakin, a ɗaga mazubin sama sak, a hankali, ba murɗawa. Sai a ajiye shi gefe, a gitta rodin a kansa, a auna yadda kwaɓin ya zauna.

Ga fila da bim na gida, zaman milimita 50 zuwa 100 shi aka saba nema, sai dai in injiniya ya rubuta wani adadi. In kwaɓin ya baje kamar kunu, ruwa ya yi yawa, a mayar da shi. In gefe guda ya zame ya faɗi, a sake gwadawa da sabon ɗiba. Ya maimaita, to kwaɓin bai kama jikinsa ba. Kada kunyar direba ko ɗan kwangila ta hana ku cewa a'a.

Amma fa silam laushi kawai yake nunawa. Wanda ya rage siminti zai iya cin wannan gwajin lafiya lau. Ƙarfi sai gwajin kiyub.

Daga kwaɓin da ake zubawa, ba wani na musamman da aka haɗa a gefe ba, a cika akwatunan ƙarfe shida masu milimita 150 kowane ɓangare, a shafa musu mai tukuna. Hawa uku, kowanne a daddanna shi sau 35 da sandar gwaji. A rubuta kwanan wata da inda aka zuba, a rufe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. Washegari a kwance su a nutsa cikin ruwa. Na sha ganin kiyub a yashe a rana kamar bulo. Irin wannan sakamakonsa ƙarya ne, har ya sa a zargi kankare mai kyau. Uku a kai su ɗakin gwaji a Sakkwato ko Birnin Kebbi ran kwana 7, uku ran kwana 28, kuma naku mutum ya raka su.

Inji zai matse kiyub har ya fashe, a ninka kN ɗin da ya nuna sau 1,000, a raba da faɗin fuskarsa, wato murabba'in milimita 22,500. A ce an yi jinga kan kankare mai ƙarfin 25. Ran kwana 28 ana son inji ya nuna aƙalla 563 kN. Ran kwana 7 kuwa kankare yakan kai kusan kashi biyu bisa uku na ƙarfinsa, wajen 375 kN ke nan. In allon ya nuna 250 kN, ƙarfin 11 kawai aka samu. A nan a tsayar da aiki: kada a cire katakon da ke tallafe da dakin, kada a ɗora bulo ko ɗaya a sama, kada yara su shiga ƙarƙashi. A kira injiniya mai rajistar COREN ya duba, ya yanko samfuri daga jikin ginin in ta kama. Sauran kuɗin ɗan kwangila kuma a riƙe su har takardar kwana 28 ta zo hannu.