Hoton bango ya canza, kallo ya ƙaru: aikin hoton ne ko sa'a?

A 2015 Derek Muller, mai tashar kimiyya ta Veritasium a YouTube, ya saka bidiyon wata ƙwallon kwando da aka jefo daga saman madatsar ruwa ta Gordon a Tasmaniya. Da aka murza ƙwallon kafin a sake ta, sai ta kauce ta yi nisa kamar tana da fiffike. Abin kallo ne, amma Muller ya laƙaba masa take irin na ɗakin karatu a kan "Magnus Effect", bidiyon bai yi wani tashe a cikin YouTube kansa ba. Da abin ya fita da take mai sauƙi, wanda ya ambaci ƙwallo da madatsa kawai, sai jama'a suka yi masa caa. Shi da kansa ya ba da labarin a wani bidiyo na 2021, inda ya nuna yadda sauya take da hoton bango ke farfaɗo da tsohon bidiyo.

Hoton bango shi ne ɗan hoton da mutum ke gani kafin ya danna, kamar dai bangon littafi a teburin mai sayarwa. Labarin Muller gaskiya ne, sai dai shi miliyoyin mutane ke ganin hotunansa, don haka ko ɗan bambanci kaɗan yana fitowa fili. Mai ƙaramar tasha da ya kwaikwaye shi da masu kallo ɗari biyar zai iya yaudarar kansa cikin sauƙi.

A ɗauki misali. Wata mai tashar girki tana da tsohon bidiyon yadda ake masa. Hoton farko ya nuna fuskarta da tanda, na biyu kuma masar ce zalla a faranti, ga miyar taushe a gefe. YouTube ya nuna kowane hoto sau 1,000. Na farko mutum 50 suka danna, na biyu mutum 60. Wato kashi 5 cikin ɗari da kashi 6 cikin ɗari. Nan take zuciya za ta ce faranti ya kayar da fuska.

Ba a kai nan ba tukuna. Ko da hoto ɗaya ne tak aka nuna wa rukuni biyu na mutum dubu-dubu, da wuya adadin ya zo daidai, domin wani rukunin ya fi dacewa da masu jin yunwa, wani kuma da masu neman labarin ƙwallo. Masana lissafi suna da hanya mai sauƙi ta auna wannan tangal-tangal. A haɗa dannawar duka biyu, 50 da 60 sun zama 110. Sai a nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 110, wato kusan 10 da rabi. Wannan shi ne girman bambancin da sa'a kaɗai ke kawowa kullum. Kafin a fara yarda, ana son tazarar ta kai ninki biyu na hakan, kusan 21. Tazarar mai masa kuwa 10 ce kacal, ko rabin hanya ba ta kai ba.

Yanzu a ce an nuna kowane hoto sau 10,000, an samu 500 da 600. Kason bai canza ba, har yanzu 5 da 6 ne cikin ɗari. Amma jimillar ta zama 1,100, lambar da ake nema kusan 33 ce, ninkinta 66, tazarar kuma 100. A nan kam faranti ya yi nasara da hujja. Abin da ya bambanta lissafin biyu yawan mutane ne kawai, kuma bidiyon da ake nunawa sau 300 a rana zai ɗauki fiye da wata biyu kafin ya tara dubu ashirin ɗin nan.

Akwai tarkon da ya fi ƙarancin lamba haɗari, shi ne gwajin “jiya da yau”. Mai tasha ta cire tsohon hoto ranar Litinin, ta saka sabo, bayan mako guda ta kwatanta. To, idan a makon ne aka ga watan azumi, bidiyon girki zai tashi ko da hoton bangon baƙi ne ƙirin. Haka nan mutane sun fi taɓa bidiyo a lokacin da ya yi ƙasa sosai, alhali wanda ya yi mummunan mako yakan koma matsayinsa da kansa, sai sabon hoto ya ci yabon da ba nasa ba. Wani abin mamaki ma, kason dannawa kan sauka daidai lokacin da bidiyo ke samun karɓuwa, saboda YouTube ya fara nuna shi ga baƙin da ba su san tashar ba. Mai gaggawa sai ya ga kashi 7 ya koma 4, ya tsorata, ya cire hoton da ke yi masa aiki.

Domin kauce wa wannan ne YouTube ya buɗe wa masu tashoshi Test & Compare a 2024, cikin YouTube Studio na kwamfuta. Ana ɗora hoto har uku, a raba su ga masu kallo a lokaci ɗaya, don haka azumi ko hutun makaranta yana shafar kowanne daidai. Daga baya an ƙara gwajin take. Gwajin kan ɗauki kwanaki, har zuwa mako biyu, kuma bai shafi gajerun bidiyo na Shorts ba. Abin lura shi ne ba da yawan dannawa yake yanke hukunci ba, yana duba kason lokacin kallo da kowane hoto ya jawo. Dalilin a fili yake: hoton da ya yi alkawarin abin da babu a ciki zai sa a danna, a fice cikin daƙiƙa goma.

Idan hujja ta isa, sai a ga Winner a kan hoto ɗaya. Sau da yawa, musamman a ƙananan tashoshi, gwajin kan ƙare babu gwani. Wasu kan ƙi yarda, su ga kashi 52 da 48 su naɗa sarki da kansu. Wannan ma amsa ce: ko dai hotunan kusan ɗaya suke, ko mutanen ba su isa ba. Mai ƙaramar tasha ya fi cin riba idan ya gwada hoto biyu maimakon uku, kuma masu bambanci sosai, irin fuska da faranti. Sauya launin rubutu daga rawaya zuwa ruwan lemo sai manyan tashoshi.

Wanda zai yi lissafin da hannu ya sani cewa Impressions na ƙirga bayyanar hoto ne a cikin YouTube kawai. Kallon da ya zo ta mahaɗin da aka watsa a WhatsApp ba ya ciki, kuma tashoshin Hausa da dama da irin wannan yaɗawar suke rayuwa. Ya kuma yanke tun farko sau nawa za a nuna hoto kafin ya duba, domin mai leƙawa kowace safiya, ya tsaya ranar da gwaninsa ke gaba, kullum sai ya samu abin da yake so. Ko ma'aunin ninki biyun nan yana kuskure kusan sau ɗaya cikin ashirin. Idan mai masa ta gwada tsofaffin bidiyonta ashirin da hotunan da ba su fi juna ba, abin da ake tsammani shi ne ɗaya daga ciki zai nuna nasarar ƙarya, kuma sai ta maimaita gwajin faranti a bidiyon dambu da na alkaki kafin ta san ko na masa ne.