Abin Da Ke Sa Alayyafo Ya Dushe A Tukunya

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da murhu ana dafa alayyafo zai lura da abu biyu. Da zarar ganyen ya faɗa cikin tafasasshen ruwa sai korensa ya ƙara fitowa shar, har ya fi yadda yake a lambu. Amma in aka bar shi ya yi minti goma ko fiye a kan wuta, sai launin ya dushe, ya koma wani irin kore mai ratsin ƙasa-ƙasa. Wannan canji yana da dalilai, kuma wanda ya san su zai iya hana shi faruwa.

Koren ganye yana zuwa ne daga wani sinadari da ake kira kulorofil, wanda tsiro ke kama hasken rana da shi domin haɗa abincinsa. A tsakiyar kowace ƙwayar kulorofil akwai ƙwayar zarra ɗaya ta magnesiyam. Masanin da ya tabbatar da haka shi ne Richard Willstätter na ƙasar Jamus, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 1915 saboda bincikensa a kan launukan tsirrai. Muddin magnesiyam yana wurinsa, ganye na nan kore. In kuwa tsami, wato asid, ya iske kulorofil cikin zafi, sai haidurojin ya ture magnesiyam ya maye gurbinsa. Abin da ya rage ana kiransa fiyofaitin, shi ne kuma mai wannan dusasshen launi.

To, daga ina tsamin yake fitowa, tunda ba a zuba ba? Yana cikin ganyen tun farko. Ɗanyen ganye yana ajiye asid ɗinsa a wata jaka dabam cikin kowace ƙwayar halitta, kulorofil kuma a wani ɗaki dabam. Zafi ne ke rusa bangon da ya raba su. A daƙiƙun farko zafi yana korar iskar da ke tsakanin ƙwayoyin halitta, shi ya sa koren ke fitowa sarai. Daga nan sai asid ya soma malalowa, kuma bayan kamar minti biyar zuwa bakwai ido zai fara ganin aikinsa. Ashe ke nan mai girki yana da ɗan lokaci kaɗan tsakanin nunar ganye da dushewarsa.

Wannan ne kuma dalilin da ya sa yakuwa da rama kan dushe nan da nan kome gwanintar mai dafa su, domin tsaminsu ya yi yawa. Haka nan alayyafon da aka zuba tun da wuri cikin miya mai tumatir ko yakuwa ba zai fito kore ba.

Batun ɗaci kuwa ya danganta da irin ganyen. Alayyafo yana da asid mai suna okzalik, wanda ke sa mutum ya ji bauri da gautsi a haƙora. Wani kaso nasa yana narkewa a ruwa, saboda haka in an tafasa ganyen aka zubar da ruwan, baurin zai ragu. Dangin kabeji, kamar ganyen kel da ake ci ƙwarai a Turai da Gabashin Afirka, suna da wasu sinadarai masu farar wuta a cikinsu, kuma zogale ma yana da irinsu. In an yanka ganyen aka bar shi a ajiye, wani sinadari mai gaggauta aiki da ke cikinsa zai mai da su abubuwa masu yaji da ɗaci. Tafasasshen ruwa yana kashe wannan sinadari cikin ɗan lokaci, amma ruwa mai ɗumi kawai ba ya kashe shi. In kuma dahuwar ta wuce kima, sai a sami wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai da aka san kabeji da shi.

Ga misali da rabin kilo na alayyafo. A tsinke ganyen daga kauraran itatuwansa, a wanke shi kafin a yanka, kada kuma a yanka sai ruwa ya tafasa. A ɗora ruwa lita uku da gishiri babban cokali biyu, a bari ya tafasa sosai. A raba ganyen kashi biyu, a zuba kashi ɗaya, a bar tukunya a buɗe. Bayan minti ɗaya zuwa biyu a tsame shi da matsami, a tsoma cikin ruwan sanyi mai tsabta, sa'an nan a matse shi a hankali. A jira ruwan ya sake tafasa kafin a zuba kashi na biyu. Ganyen kel, da yake ya fi kauri, yana bukatar minti uku zuwa huɗu. In miya ta nuna, sai a zuba ganyen, a juya, a sauke cikin minti biyu.

Kowane mataki yana da dalilinsa. Ruwa mai yawa yana tsarma asid ɗin da ya fito, kuma ba ya hucewa sosai in ganye ya shiga. In ya ɗauki fiye da minti ɗaya bai sake tafasa ba, to ganyen ya yi wa ruwan yawa. Barin tukunya a buɗe yana bai wa asid mai bin tururi hanyar fita, maimakon ya taru a murfi ya ɗigo ciki. Ruwan sanyi yana tsai da dahuwa, domin ganyen da aka tara da zafinsa a kwano yana ci gaba da dahuwa. Gishiri kuwa, babban aikinsa a kan harshe yake, yana danne jin ɗaci.

Mata da yawa sukan jefa kanwa domin ganye ya yi kore, kuma lalle tana yin hakan, saboda kanwa kishiyar tsami ce, tana kashe asid kafin ya taɓa kulorofil. Sai dai a nan ne akan je neman ƙiba a samo rama. Kanwa tana lalata bitamin C da bitamin B1, tana narkar da abin da ke riƙe ƙwayoyin ganye har ya yi laɓo-laɓo, in ta yi yawa kuma ta bar ɗanɗano irin na sabulu. Alamarta ita ce kore mai ƙyalli fiye da kima, ganye mai santsi, da ruwan dahuwa da ya rine kore.

Hanyar tafasawa ma tana da iyakarta. Ruwan da ya tafi da bauri yana tafiya da wani kaso na bitamin C, kuma asarar tana ƙaruwa da kowane minti. Don haka ɗanyen shakaf na alayyafo, wanda bai tsufa ba bai kuma yi fure ba, ba ya bukatar a zubar masa da ruwa. Ya isa a soya shi sama-sama da mai da albasa na minti biyu ko uku. In ana son lemon tsami, sai a matsa shi a kwano lokacin ci.

Malamai za su iya nuna wannan a aji da kofuna uku masu jure zafi. A zuba tafasasshen ruwa da yankakken alayyafo daidai wa daida a kowanne. A bar na farko haka, a matsa rabin lemon tsami a na biyu, a sa ɗan garin kanwa a na uku. A jera su cikin tukunyar ruwa mai tafasa, ɗalibai su riƙa rubuta launin kowanne bayan minti biyu, da biyar, da goma. Na lemon tsami ne zai fara dushewa, na ruwa zalla ya biyo baya, na kanwa ya tsaya kore. Daga ƙarshe ɗalibai su bari ganyen ya huce, su murza na kowane kofi tsakanin yatsu, su ga wanne ne ya dagargaje.