Abin da Ke Raya Raƙumi Kwana da Kwanaki Babu Ruwa

Duk mahaucin da ya taɓa feɗe raƙumi a mayankar Kano ko ta Agadas ya san abin da ke cikin tozo: kitse ne zalla, wani lokaci ya haura kilo 30, babu ɗigon ruwa a ciki. Duk da haka zancen cewa raƙumi yana ɗauke da guzurin ruwa a doronsa ya ƙi mutuwa. Wasu masu ilimi sun so su ceto zancen, suka ce ai idan jiki ya ƙona kitse yakan samar da ruwa. Gaskiya ne, kilo guda na kitse yana ba da sama da lita guda kaɗan. Sai dai ƙona shi na bukatar iska, kuma ruwan da ke fita da numfashi a busasshiyar iskar sahara ya fi wanda aka samu. Tozo rumbun abinci ne. Amfaninsa a zafi shi ne ya tara kitsen wuri guda, sauran fatar jiki ta zama ba ta da abin da zai hana zafi fita.

To ina ruwan yake? Amsar ita ce raƙumi ba ya ɓoye ruwa ko'ina. Rowarsa yake yi, kuma yana iya jure bashin ruwan da zai kashe wata dabbar.

Wanda ya fara auna wannan da kyau shi ne Knut Schmidt-Nielsen, masanin jikin dabbobi, tare da abokan aikinsa, a Beni Abbas ta ƙasar Aljeriya tsakanin 1953 da 1954. Sun riƙa auna nauyin raƙuma da zafin jikinsu dare da rana, wasu ana shayar da su kullum, wasu an hana su ruwa. Abin da suka gani a ma'aunin zafi shi ne ginshiƙin labarin.

Jikin mutum yana tsayawa a kusan digiri 37. Da zarar zafi ya so ya wuce haka sai gumi ya tsatso, kuma mai aiki a rana tsaka yana iya zubar da lita guda a awa. Raƙumin da ya ƙoshi da ruwa shi ma yana gumi, zafin jikinsa bai cika motsawa fiye da digiri 2 a yini ba. Amma wanda ƙishirwa ta kama, sai ya sauya tsari. Da asuba a same shi a kusan digiri 34. Rana na ɗagawa, jikinsa na ɗumama a hankali, ba ya kashe ruwa don ya hana hakan, sai ya doshi digiri 41 sannan gumi ya fara sosai. Da dare ya yi, sahara ta huce, zafin da ya tara sai ya fice daga fata zuwa cikin iska, bai biya ko cokali na ruwa ba.

A ɗauki amale mai kilo 500. Zafin da ake bukata a ɗaga wannan jiki da digiri 6, in da gumi za a fitar da shi, zai ci kusan lita 5 na ruwa. Wato kowace rana yana tsimin lita 5 ta wannan hanya kaɗai. Akwai riba ta biyu da ba a cika lura da ita ba. Zafi yana shiga jiki ne gwargwadon tazarar da ke tsakanin zafin iska da na jikin, don haka idan jikin ya riga ya yi zafi, abin da ke shigowa daga waje sai ya ragu. A mutum digiri 41 zazzaɓi ne mai hatsari, musamman ga ƙwaƙwalwa. Raƙumi kuwa, jinin da ya huce a cikin hanci yana gilmawa ta wani saƙaƙƙen gungun jijiyoyi a gindin ƙoƙon kai, ya sanyaya jinin da ke hawa ƙwaƙwalwa.

Gashin ma ba ado ba ne. Da masu binciken suka aske wani raƙumi, ruwan da yake kashewa ya ƙaru da kusan rabi, domin gashin ne ke tare zafin rana kafin ya taɓa fata. Makiyaya kuma sun daɗe da sanin cewa raƙumi mai ƙishirwa yakan gurfana ya fuskanci rana, ta yadda ba za ta doki faɗin jikinsa ba.

Hanci na da wani aikin. A cikinsa akwai siraran ƙasusuwa a nannaɗe, masu faɗin gaske in aka ware su. Idan ƙishirwa ta yi tsanani, majinar da ke kansu takan bushe. Numfashin da ke fitowa daga huhu da laima, busasshiyar majinar sai ta tsotse laimar, in ya ja sabuwar iska ta mayar masa da ita ciki. Da dare, lokacin da iska ke da sanyi, wannan na iya ceto fiye da rabin ruwan da numfashi zai tafi da shi. Ƙoda kuma tana rage fitsari ya zama kaɗan, mai kauri, gishirinsa ya fi na ruwan teku, kashin ya fito a bushe har ana iya hura wuta da shi ba da jimawa ba.

Duk wannan rowar ba ta hana shi rasa ruwa, jinkirtawa kawai take yi. Bambancin shi ne inda ruwan ke fitowa. Mutum in ya rasa ruwan da ya wuce kashi 12 cikin 100 na nauyinsa a zafi, jininsa ya yi kauri, zuciya ta kasa tura shi zuwa fata, zafi ya taru ciki ya kashe shi. Raƙumi yana iya rasa rubu'in nauyinsa yana tsaye, domin yawancin ruwan daga tumbi da hanji da tsoka yake fita, jinin ya kusa zama yadda yake.

Ranar da ya isa rijiya sai ya biya bashin a tsayuwa guda. An auna raƙumin da ya sha sama da lita 100 cikin minti 10. Ruwan yakan tsaya a tumbi ya shiga jini sannu a hankali, kuma jajayen ƙwayoyin jininsa, masu siffar ƙwai, suna iya kumbura fiye da ninki biyu ba su fashe ba. Abin lura shi ne yana shan gwargwadon abin da ya rasa ne, ba ya ƙara na gobe.

Kwana nawa ke nan yake iya yi? Ya danganta da lokaci da kaya da abinci. Da sanyi, in yana kiwon ɗanyen ganye, yana iya yin watanni bai je rijiya ba, domin ruwan ganyen ya ishe shi. Da bazara, ga busasshiyar ciyawa ga kaya a baya, kwana huɗu ko biyar ya kamata ya sha, taguwa mai shayarwa ma ba ta kai haka. Shi ya sa ayarin gishiri na Buzaye da ke ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma yake tashi wajen Oktoba, bayan damina, lokacin da raƙuma suka yi ƙiba kuma dare ya fara sanyi. Dabarar tara zafi da rana ba ta da amfani sosai in dare bai huce ba.

Madugu ba ya duban tozo don ya gane ƙishirwa, domin tozon da ya kwanta alamar yunwa ce ko ciwo. Kwiɓi yake dubawa, wurin da ke bayan haƙarƙari: in ya lotsa, idanu suka faɗa, raƙumin ya rage cin abinci yana yawan neman gurfana, to a rage masa kaya a nufi rijiya mafi kusa.